Mutum ɗaya na ɓacewa daga lis ɗin biyan kuɗi, ku taimaka

Isuhu_Tawa: Salamu alaikum jama'a, an wuni lahiya. Don Allah ina da matsala da ta hana ni kwana. Ni ke riƙe da ordinatar wata koperatib ta manoman albasa nan Tawa, duk biya ana ba ni fishe na Excel da sunan kowa da yawan buhun da ya kawo da kuɗin shi, ni kuma in tura shi cikin wani ɗan program na Python da wanda ya riga ni aiki ya bari, shi ke fiddo takardar biyan kowa. To wannan karon mutum 248 ne cikin fishe, program ya fiddo 247. Excel ya ce jimilla 9 612 500, program ya ce 9 575 000, wato jaka 37 da rabi sun yi ƙafa. Wani dattijo ya taso tun daga wajen Galmi bisa moto, buhu ukku ya kawo, an duba takardu babu tashi, wallahi na ji kunya. Ga wurin da nike zargi:

```python
wb = load_workbook(fichier, data_only=True)
ws = wb.active
for i in range(2, ws.max_row):
    nom = ws.cell(row=i, column=2).value
    montant = ws.cell(row=i, column=4).value
    total += montant
```

Abin da ya ɗaure mini kai, program ɗin nan ya hi shekara yana aiki ba wanda ya taɓa kuka, kuma ban taɓa komi ba ciki.

zabeiru227: Wa alaikumus salam. Dattijon nan shi ne na ƙarshe a tablo ko? Duba ka gaya muna

Isuhu_Tawa: Kai! Shi ne, layi na 249. Sunan shi da Z ya fara. Ya aka yi ka sani

zabeiru227: `range(2, 249)` ba ya kaiwa 249, a 248 yake tsayawa. Sa `ws.max_row + 1` an gama magana.

dan_Konni: ni ina ganin matsalar CSV ce, Excel ɗinmu na faransanci da `;` yake raba kolon ba da `,` ba, ni ma ta taɓa cina sati guda ina nema. ka sa `delimiter=";"` ka gani

MalamKod: Dan Konni, ba CSV yake karantawa ba, dubi kod ɗin, openpyxl ne kan fishe xlsx kai tsaye, babu maganar `;` a nan. Kuma da ita ce da ba mutum ɗaya zai ɓace ba, duk layin ne zai dunƙule cikin kolon guda.

Isuhu, abin da Zabeiru ya faɗa haka yake, bari in ɗan warware maka don ka gane da kanka. Akwai ƙidaya iri biyu da suka haɗu cikin bukul ɗin nan. Excel da openpyxl daga 1 suke farawa, layi na 1 shi ne kan tablo mai sunayen kolon, mutanenka suna daga layi na 2 zuwa na 249, kuma `max_row` lambar layin ƙarshe ce da kanta, 249. Shi kuma `range` na Python al'adarshi ce ba ya taɓa lambar da ka ba shi ta ƙarshe, yana kaiwa bakin ƙofa ya tsaya. Saboda haka ya bi 2, 3, 4 har 248, layi 247 ke nan. In kana son sanin layi nawa ke tsakanin biyu har da su kansu, na ƙarshe ka cire na farko ka ƙara ɗaya: 249 cire 2 saura 247, ƙara 1, 248. Wannan ɗayan da ake ƙarawa shi ne dattijonka.

Amma kada ka yi saurin sa `+ 1` ka tashi. Ka ce ya shekara yana aiki lafiya. Bukul ɗin da ke zubar da layin ƙarshe tun ranar da aka rubuta shi yake zubarwa, ba yau ya koya ba. To me yake zubarwa a da? Buɗe wani tsohon fishe ka gangara can ƙasa ka gaya mana me ke layin ƙarshe.

dan_Konni: to ai shi ke nan, ban lura ba, a salula nike karantawa

Nana_konta: Malam ya yi tambayar da ta dace. Ni ba na rubuta kod amma shekara tara ina aikin konta a Yamai, kuma ina iya rantsuwa akwai layin TOTAL a ƙasan tsoffin fishe ɗin. Mu ƴan konta ba mu iya barin tablo babu jimilla a gindi, kamar tuwo ba miya muke ganin shi.

Isuhu_Tawa: Tanti Nana kin gama da ni. Na buɗe na Maris, mutum 240, layi 2 zuwa 241, layi na 242 an rubuta TOTAL. Na Afrilu da na Mayu babu shi. Yanzu na tuna, tun Afrilu aka bar cika tablo da hannu, masu awo ke shigar da buhu cikin KoboToolbox a salula ni kuma a ba ni abin da aka sauko da shi, shi kuwa ba ya sa jimilla.

Kuma na gwada `+ 1` na Zabeiru. Na Mayu ya fito daidai, 248 da 9 612 500, alhamdu lillahi. Da na maida na Maris ciki sai ya ba ni 16 300 000 maimakon 8 150 000, har ya fiddo takardar biya ga wani bawan Allah mai suna TOTAL 😂

zabeiru227: hhhh Alhaji TOTAL ya hi kowa noma bana. To ni dai tambayar da aka yi na amsa

MalamKod: Yawwa, ka ga abin da nake gudu. Kuskure biyu ne suka rufa wa juna asiri: bukul yana yar da layin ƙarshe, fishe kuma yana da layi ɗaya na banza a ƙarshe. Ranar da ɗaya ya tafi sai ɗayan ya fito fili. Jimilla ta ninka saboda TOTAL ɗin kanta an ƙara ta kan kuɗin mutane, `data_only=True` na ba ka lambar da Excel ya ajiye a gidan maimakon formul ɗin.

Maganin shi ne ka daina yanke hukunci da wurin da layi yake, ka duba abin da ke cikinshi. Kuma ka bar lissafin iyaka da hannu gaba ɗaya, `iter_rows` na kaiwa har layin ƙarshe da kanshi:

```python
lignes = ws.iter_rows(min_row=2, values_only=True)
for n, row in enumerate(lignes, start=2):
    if row[0] is None:
        print("saute", n, row)
        continue
    total += row[3]
    nb += 1
```

Na ɗauka kolon A lambar kati ce ta memba, layin TOTAL ba shi da ita. Lura da abu ɗaya kada ka faɗa wani ramin: `row` daga 0 yake ƙirga, kolon da ka kira `column=4` a da yanzu `row[3]` ce. Kuma `start=2` na sa `n` ya zama lambar da za ka gani da idonka a gefen Excel.

Rabi_Yamai: Tsaya Isuhu, akwai abin da ba wanda ya tambaya. Ka ce na Afrilu ma ba TOTAL. To wa aka zubar a Afrilu?

Isuhu_Tawa: Innalillahi. Bari in duba

Isuhu_Tawa: Na duba. An zubar da mutum ɗaya a Afrilu ma, amma Allah ya rufa asiri wannan watan bai kawo buhu ko ɗaya ba, sifili ne gaban sunan shi, shi ya sa jimilla ta yi daidai da ta Excel kuma bai zo neman komi ba. Ni kuwa jimilla kaɗai nike dubawa kahin in kai ma shugaba ya sa hannu.

Nana_konta: To ka ga darasi. Jimilla ita kaɗai ba ta isa shaida. Kullum abu biyu nake dubawa, kuɗi nawa da mutum nawa. A wani gida can gefe ka sa `=NBVAL(A:A)-1`, cire ɗayan nan na kan tablo ne, ka kwatanta da adadin takardun da suka fito. Da ka yi haka a Afrilu da dattijon nan bai ƙona esansi a banza ba a Mayu. Kuma don Allah ku biya shi kuɗin mai, ba laifinshi ba ne.

tsoho_VBA: Ni fa abin nan na Python ban taɓa gane hikimarshi ba. A VBA in na ce `For i = 2 To derniere` to har derniere ɗin zai taka, kamar yadda ɗan Adam ke magana. In na ce maka ka share ɗaki na 2 zuwa na 9 ai har na 9 nike nuhi. Ina kyautata zaton wanda ya rubuta ma Isuhu program daga VBA ya taso, hannu ya saba, ya rubuta `range(2, max_row)` yana ganin daidai ne, TOTAL kuma ta rufa mishi asiri bai sani ba.

zabeiru227: ko kuma da gangan ya yi don ya tsallake TOTAL, bai dai rubuta komanter ba. Isuhu kira shi mana

Isuhu_Tawa: Ya tahi Agadas tun bara, lambar shi ba ta shiga

MalamKod: Baba tsoho, akwai hikima a ciki ko da tana cizo. `range(n)` na ba ka abu n cif, kuma `rows[0:50]` da `rows[50:100]` suna haɗuwa ba a maimaita kowa ba a tsallake kowa. Matsala tana zuwa ne wurin da ƙidayar Python ta gamu da ta Excel. Kuma VBA ɗinku ma yana da nashi: share layuka cikin bukul daga sama zuwa ƙasa ka gani, kana share na 5 sai na 6 ya hau ya zama na 5, bukul ya wuce zuwa 6, wanda ya hau ba a duba shi ba.

tsoho_VBA: Wannan kam gaskiya ne, shi ya sa muke yi daga ƙasa da `Step -1`. Amma ban janye maganata ba

dan_Konni: wannan gardamar ta tuna mini rikicin da muka yi da innata kan ranar suna. an haihu ran litinin, suna litinin mai zuwa, ni na ce kwana bakwai ita ta ƙirga da yatsu har da litinin ɗin farko ta ce rana ta takwas ce. kowa na da gaskiya ashe, ita Excel ce ni Python

Nana_konta: Dan Konni Allah ya shirye ka 😂 ka mai da inna Excel

Rabi_Yamai: Tunda ana maganar, bari in kawo tawa, ta ɗan bambanta amma dangin juna ne. Ni pandas nake amfani da shi wajen aiki, muna tace lambobin waya na mutanen da za a tura wa kuɗi. Program ɗina ba ya zubar da kowa, amma in ya ga lambar da ba ta cika 8 ba sai ya rubuta cewa layi kaza na da matsala, ni kuma in tura wa abokiyar aikina ta gyara a Excel. Rannan ya ce 57. Ta je layi na 57 ta ga lamba lafiya lau, amma tunda mashin ya ce akwai matsala sai ta kira matar, ta sake karɓar lamba, ta rubuta ta mijinta a wurin. Mai matsalar ta gaskiya tana layi na 59 ba wanda ya taɓa ta. Index na pandas daga 0 yake farawa, kuma ya riga ya cinye layin kai, to index 0 shi ne layi na 2 a Excel, tazarar biyu ce ba ɗaya ba. Na fara sa `+ 1` ma ban dace ba, sai da na zauna da takarda da bik. Yanzu ina karanta fishe abin da nake fara yi ke nan:

```python
df = pd.read_excel(fichier)
df["ligne_excel"] = df.index + 2
```

Dole nan take, kafin tacewa ko jerawa, don in ka yi `reset_index` daga baya lambobin asali sun tafi ke nan. In kuma akwai layukan take a sama da ka tsallake da `skiprows`, sai ka ƙara yawansu kan biyun nan.

zabeiru227: Rabi wannan `+ 2` ɗin a CSV ba kullum yake riƙewa ba, `read_csv` na tsallake layin da ba komi cikinshi ba tare da ya gaya miki ba, daga nan duk na ƙasa sun goce da ɗaya. sai kin sa `skip_blank_lines=False`

Rabi_Yamai: Na gode yaya, ban san wannan ba. Mu dai xlsx ake ba mu amma zan ajiye.

Habsu_IT: Sannunku. Na zo a makare, wuta ta ɗauke mana tun azahar. Malam ina da ja kan kod ɗinka kaɗan, da girmamawa. `if row[0] is None: continue` zai tsallake TOTAL, haka ne, amma ranar da mai awo ya manta bai sa lambar katin wani manomi ba, shi ma za a tsallake shi, mun koma gidan jiya, wani dattijon zai sake hawa moto. Ni da na duba kalmar TOTAL a kolon suna, in ita ce a tsallake, in kuwa layi na da kuɗi amma ba lambar kati program ya tsaya cak ya yi ihu.

MalamKod: Kin yi gaskiya Habsu, shi ya sa na sa `print` a wurin, amma na yarda ba kowa ke karanta abin da ya wuce a baƙin allo ba. Sai dai duba kalma ma tana da rauninta. Wani zai rubuta Total, wani TOTAUX, wani Total général, wani ya sa ta a kolon C, wani ya bar gurbi a bayanta.

Habsu_IT: `str(row[1]).strip().upper().startswith("TOTA")` ya kwashe yawancinsu. Wanda ya kuɓuce kuma zai faɗa cikin masu kuɗi ba kati, program ya tsaya, mutum ya duba. Gara ya tsaya sau goma a banza da ya yi shiru sau ɗaya.

Isuhu_Tawa: Anti Habsu ranar biya mutum ɗari biyu na zaune cikin rana suna jira, in program ya tsaya saboda layi ɗaya ni za a ci. Ba gara ya fiddo na sauran ba ya ware masu matsala a wata takarda daban?

Nana_konta: A'a Isuhu. Takardar daban ita ce ake mantawa cikin tiruwar. Ka tura fishe tun daren jajibiri, ba da safen biya ba.

zabeiru227: ni ina bayan Isuhu, a fiddo na sauran amma a buga a saman takardar shugaba da manyan baƙaƙe: an karanta layi kaza, an biya kaza, an ware kaza. in ukkun ba su haɗu ba kada ya sa hannu

MalamKod: Ko wanne kuka zaɓa, lissafin Zabeiru na ƙarshe shi ne abin riƙewa, waɗanda aka biya da waɗanda aka tsallake in an haɗa su ba da `ws.max_row - 1`. Sai dai in faɗa maka wani abu game da `max_row` tun kafin ya ba ka tsoro. Ba layin ƙarshe mai rubutu yake nufi ba, layin ƙarshe da fishe ya san da shi ne. In wani ya ja bordir ko ya zuba launi har layi na 500, ko ya goge rubutu da `Suppr` bai cire layukan ba, `max_row` na iya cewa 500 alhali mutanenka sun ƙare a 249. Da tsohon kod ɗinka da `+ 1` nan take zai faɗi, don ba a tara `None` da lamba. Danna `Ctrl+Fin` a Excel ka ga inda zai kai ka. Layin da duk gidajenshi `None` ne a tsallake shi ba hayaniya, wannan ko Habsu ba za ta yi ja ba.

Habsu_IT: Ba ja 😄

dan_Konni: tunda kun ce tawa ba ita ba ce bari in faɗi wadda ta same ni da gaske a CSV ɗin. da `csv.reader` nike aiki ina sa `next(reader)` in tsallake kan tablo, sai wani ya ce in koma `DictReader` ya hi daɗi, na koma na bar `next` ɗin a wurin. ashe shi DictReader da kanshi yake ɗauke layin kai, `next` nawa sai ya cinye mutum na farko. ni na farko nike zubarwa Isuhu na ƙarshe, mu haɗu mu buɗe kampani

Rabi_Yamai: Shi ya sa ni yanzu ina da ɗan fishe na gwaji, mutum uku kacal: Na_farko da 1, Na_tsakiya da 10, Na_ƙarshe da 100. In jimilla ta fito 111 lafiya. In 11 ta fito na ƙarshe ya faɗi, in 110 na farko ne, in 222 an haɗa da TOTAL. Ba sai na yi bincike ba, lambar da kanta ke gaya mini wanda ya ɓace. A fishe mai layi 248 ido ba ya ganin ɗaya, a mai uku kuwa ba inda zai ɓuya.

MalamKod: Wannan dabara ta yi, Rabi, zan sace ta. Ki ƙara biyu: mai mutum ɗaya tak, da mai kan tablo kawai ba kowa. Tsohon bukul na Isuhu in aka ba shi mai mutum ɗaya `range(2, 2)` zai zama, ba zai zagaya ko sau ɗaya ba, takarda sifili, da tun ranar farko an kama shi.

tsoho_VBA: Da an kama shi in wanda ya gwada bai sa TOTAL a ƙasan na gwajin ba. Ɗan konta ne fa ya ba shi fishe

Isuhu_Tawa: Na yi fishe ukku na Rabi, ɗaya da TOTAL ɗaya babu ɗaya da launi har layi na 40, duka 111 suke ba ni yanzu. Na Maris 240 da 8 150 000, na Mayu 248 da 9 612 500. Na ɗauki duba kalma na anti Habsu, maganar tsayawa ko warewa kuma sai na yi shawara da shugaba gobe, shi ke zama gaban mutane ba ni ba. Dattijo an kai mishi jaka 37 da rabi tun jiya da hannu. Yanzu abin da ya rage, akwai wani bukul na biyu can ƙasa da ke raba takardu hamsin hamsin don firintar ba ta ɗaukar da yawa, na ga an rubuta `rows[i:i+49]`, wannan ma ina jin ba lahiya ba ko?

zabeiru227: in `i` na tsalle 50 50 to kowane kashi da ya cika 50 na yar da mutum ɗaya. amma da haka ne da 247 ɗinka ba su fito ba tun farko, da mutum huɗu sun ƙara ɓata. turo layin `range` ɗin da ke saman shi mu gani

Isuhu_Tawa: Ina masallaci, in na koma buro bayan la'asar zan turo